Yadda Ake Karanta Iyakar Nagarta da Layin Rabon Jari Idan Kadara Marar Kasada Ta Shigo

Duk wanda ya leƙa darasin zuba jari zai ci karo da wani zane: lanƙwasasshen layi da ya taso daga hagu ya karkata dama, sai kuma miƙaƙƙen layi da ya taso daga gefe ya shafe shi a wuri ɗaya tak ya wuce. Na farkon shi ne iyakar nagarta, na biyun layin rabon jari. A manhajojin lissafi za ka gan su da sunan `Efficient Frontier` da `CAL`. Mutane da yawa sun haddace kamannin zanen, amma in ka ɗora yatsa a kan wani ɗigo ka ce su faɗa maka naira nawa ke nan a hannun jari, nawa a takardar gwamnati, sai ka ji shiru. Wannan jagora don amsa wannan tambayar ce, kuma misali ɗaya za mu riƙe daga farko har ƙarshe.

Harry Markowitz ne ya kafa tushen iyakar a shekarar 1952. James Tobin ya nuna a 1958 abin da ke faruwa idan aka shigo da kadara marar kasada. William Sharpe kuma ya kawo ma'aunin da ake gane layin da ya fi a 1966. Tarihin ya ishe mu haka.

Mataki na farko: san abin da ke kwance da abin da ke tsaye

A layin tsaye na zanen ana rubuta ribar da ake sa ran samu a shekara. A layin kwance ana rubuta kasada, kuma kasada a nan tana da ma'ana guda: yadda riba ke tangal-tangal, wato nisan da take yi sama da ƙasa daga matsakaicinta. Shi ne adadin da `STDEV.S` ke fitarwa a Excel. Kadarar da ake sa ran za ta ba da 14% mai kasada 20%, ana nufin a mafi yawan shekaru, kamar biyu cikin uku, ribarta za ta faɗo tsakanin asarar 6% da ribar 34%. Saboda haka kowa yana son kusurwar sama ta hagu, inda riba ke da yawa, tangal-tangal kaɗan.

Ga kadarorinmu, kuma alƙaluman na koyarwa ne kawai, ba na wata kasuwa ba. Asusun hannun jari: riba 14%, kasada 20%. Asusun takardun lamuni na dogon zango, wato takardun bashin da gwamnati ko kamfanoni ke sayarwa: riba 8%, kasada 10%. Sai adadi na uku da ake yawan mantawa, wato yadda biyun ke tafiya tare. Ana auna shi daga -1 zuwa 1. Idan 1 ne, duk inda wannan ya sa ƙafa nan wancan ke sawa. Idan sifili ne, ba ruwan wani da wani. Namu 0.2 ne, suna ɗan bin juna amma ba sosai ba.

Mataki na biyu: zana iyakar da hannunka

Kada ka yarda da zanen da ba ka taɓa gina irinsa ba. Buɗe Excel, ka jera kason hannun jari a shafin A tun daga gidan A2, daga 0 zuwa 1. A gidajen B2, C2 da D2 ka rubuta waɗannan, ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ja su ƙasa:

```
=A2*14+(1-A2)*8
=SQRT(A2^2*20^2+(1-A2)^2*10^2+2*A2*(1-A2)*0.2*20*10)
=(B2-5)/C2
```

Na farko riba, na biyu kasada, na ukun sai nan gaba za mu buƙace shi. Abin da zai fito ke nan:

| Kason hannun jari | Riba | Kasada | Ma'aunin Sharpe |
|---|---|---|---|
| 0% | 8.0 | 10.0 | 0.30 |
| 14.3% | 8.9 | 9.6 | 0.40 |
| 30% | 9.8 | 10.1 | 0.48 |
| 40% | 10.4 | 10.9 | 0.49 |
| 50% | 11.0 | 12.0 | 0.50 |
| 60% | 11.6 | 13.4 | 0.49 |
| 80% | 12.8 | 16.5 | 0.47 |
| 100% | 14.0 | 20.0 | 0.45 |

Tsaya a kan layuka biyun farko. Mutum yana riƙe da takardun lamuni zalla, kasadarsa 10. Ya sayar da kaɗan ya sayi hannun jari, abin da ya ninka takardun tangal-tangal, amma sai kasadarsa ta sauko zuwa 9.6, ribar kuma ta ƙaru. Ba siddabaru ba ne. Tun da ba kullum suke faɗuwa tare ba, a wasu shekarun tashin wannan yana rufe faɗuwar wancan. Wannan ne ya sa layin ya lanƙwashe zuwa hagu. Da adadin tafiya tare 1 ne, da miƙaƙƙen layi za ka samu tsakanin kadarorin biyu, babu wata garaɓasa.

Inda lanƙwasar ta fi matsawa hagu, a wajen kashi 14 na hannun jari, shi ne haɗi mafi ƙarancin kasada. Daga nan zuwa sama ita ce iyakar nagarta. Abin da ke ƙasa da wannan ɗigon ba ya cikinta, domin kowane haɗi a can yana da takwara a sama mai kasada iri ɗaya da riba mafi yawa. Dubi takardun lamuni zalla: kasada 10, riba 8. Haɗin kashi 30 yana da kusan wannan kasadar, amma ribarsa 9.8. Wanda ya zauna a kan na farkon ya bar kuɗi a ƙasa ba tare da ya sayi kwanciyar hankali da su ba.

Sai dai har yanzu iyakar ba ta gaya maka wanne za ka ɗauka ba. Daga kashi 14 zuwa kashi 100, babu ɗigon da ya kayar da wani. Mai tsoro zai tsaya ƙasa, mai ƙarfin hali ya hau sama, kuma duk suna da gaskiya. Haka abin yake kafin kadara ta uku ta shigo.

Mataki na uku: dasa kadara marar kasada a kan layin tsaye

Kadara marar kasada ita ce wadda ka san ribarta tun ranar saye. A aikace takardar baitulmali ake nufi, wato takardar bashin gwamnati ta gajeren zango, irin wadda ake gwanjonta a Najeriya mai wa'adin kwana 91, 182 ko 364. A misalinmu tana ba da 5%. Kasadarta sifili ce, don haka ɗigonta yana manne da layin tsaye, daidai kan lamba 5.

Yanzu ka ɗauki kowane haɗi daga iyakar ka gauraya shi da wannan takardar. Tun da takardar ba ta motsi, ba ta kuma bin kowa, lissafin kasada ya zama mai sauƙi ƙwarai. Idan rabin kuɗinka na cikin haɗin, rabin kasadarsa ka ɗauka. Idan kwata ne, kwata. Riba ma haka take tafiya daidai wa daida. Abu biyu da ke ƙaruwa tare a ma'auni guda kuwa miƙaƙƙen layi suke zanawa. Layin rabon jari ke nan: ya taso daga 5 ya bi ta kan haɗin da ka zaɓa.

A lura, layin ba ɗaya ba ne. Kowane ɗigo a kan iyakar yana da nasa. Akwai wanda ya bi ta kan takardun lamuni zalla, akwai wanda ya bi ta kan hannun jari zalla. Abin tambaya shi ne wanne ya fi.

Mataki na huɗu: juya rula har ta shafi iyakar

Buga zanen a takarda. Ɗora rula, ka danne ƙarshenta da babban yatsa a kan lamba 5 ta layin tsaye. Fara da ita tana bi ta kan takardun lamuni zalla: za ka ga ta kwanta, kuma kusan duk iyakar na samanta. Ɗaga ɗaya ƙarshen a hankali. Da zarar ta kai ɗigon hannun jari zalla, rular za ta riƙa yanka iyakar a wuri biyu, wuraren biyu suna matsowa kusa da juna. Ci gaba da ɗagawa har su haɗe su zama ɗaya. In ka ƙara ko kaɗan, rular ta rabu da iyakar, ta koma nuna haɗin da babu shi a kasuwa. Wurin da ta tsaya tana shafar iyakar shi ne ɗigon shafa. Mu kira shi T.

Tsananin hawan rular shi ne ma'aunin Sharpe, shafin ƙarshe na jadawalinmu. Ka cire ribar takardar baitulmali daga ribar haɗin, ka raba abin da ya rage da kasada. Ga hannun jari zalla, 14 a cire 5 saura 9, a raba da 20, ya ba da 0.45. Ga haɗin rabi da rabi, 11 a cire 5 saura 6, a raba da 12, ya ba da 0.50. Ma'anarsa: kowane maki ɗaya na kasada da ka ɗauka ana biyan ka rabin maki na ƙarin riba. Dalilin cire 5 ɗin kuwa a fili yake. Wannan 5 za ka same ta ko kana barci, don haka ba ladan kasada ba ce.

Idan kana son ainihin kason ba tare da lalube ba, ga ƙa'idar kadara biyu. `a` da `b` su ne rarar riba a kan takardar baitulmali, wato 9 da 3. `Va` da `Vb` kasada ce a ninka ta da kanta, 400 da 100. `C` kuma 0.2 sau 20 sau 10, wato 40.

```
w = (a*Vb - b*C) / (a*Vb + b*Va - (a+b)*C)
w = (900 - 120) / (900 + 1200 - 480) = 0.48
```

Wato kashi 48 hannun jari, kashi 52 takardun lamuni. Za mu ɗauke shi rabi da rabi don sauƙi: riba 11, kasada 12. In kadarorin sun wuce biyu, `Solver` na Excel ne ke yin aikin: ka ce ya kai ma'aunin Sharpe ƙololuwa, da sharaɗin kasonni su tashi ɗaya cif.

Layinmu yanzu yana cewa: riba daidai take da 5 a tara da rabin kasada. Kuma shi ya zama sabuwar iyaka. Tsohuwar lanƙwasar gaba ɗayanta ta koma ƙarƙashinsa, in ban da ɗigon T.

Mataki na biyar: mayar da ɗigo ya zama naira

Nan ne ainihin karatun. Hagu da T, kana riƙe da haɗin T da kuma takardar baitulmali. A kan T, duk kuɗin na cikin haɗin. Dama da T, ka ciwo bashi ka ƙara. Kason da ke cikin haɗin kuwa shi ne kasadar ɗigon da kake so a raba da kasadar T.

A ce wata malamar asibiti tana da naira miliyan ɗaya, kuma ba ta son kasadar da ta wuce 6. Shida a raba da 12, rabi ke nan. Sai ta sa naira 500,000 a takardar baitulmali, 250,000 a hannun jari, 250,000 a takardun lamuni. Ribar da take sa rai: 5 a tara da rabin 6, wato 8%.

Kwatanta wannan da shawarar da aka saba ba mai tsoro, cewa ya guji hannun jari ya rungumi takardun lamuni. Ribar can ma 8% ce, amma da kasada 10. Ita kuwa ta samu wannan 8% ɗin da kasada 6, alhali kwatan kuɗinta na cikin abin da aka ce ta guje masa. Kafin takardar baitulmali ta shigo ma, babu haɗin da ke iya sauka ƙasa da 9.6, don haka wurin da ta tsaya sabon fili ne da layin ya buɗe. Ko wanda ya zaɓi haɗi mafi ƙarancin kasada an wuce shi: a kasada 9.6 tsohuwar iyaka na ba da 8.9, layin na ba da 9.8.

Abin da Tobin ya gano ke nan, kuma shi ne zuciyar zanen. Shawarar zuba jari ta rabu gida biyu. Ta farko, wane haɗi na kadarori masu kasada ya fi? Amsarta ɗaya ce ga duk wanda ya yarda da alƙaluma iri ɗaya, ba ruwanta da tsoro ko ƙarfin hali. Ta biyu, nawa zan sa a ciki? A nan kaɗai hali ke shigowa. Kamar jiƙon zoɓo ne mai kauri a tukunya guda: kowa daga ciki yake ɗiba, bambancin yawan ruwan da ya sirka da shi ne. Mai tsoro ba ya canja haɗin, rage yawansa yake yi.

To yaya mutum zai san nawa zai sa? Littattafai suna da ƙa'ida mai ɗauke da adadin ƙin kasada, amma ban ga mai iya faɗin nasa adadin da gaskiya ba. Na fi son a tambayi mutum asarar da zai iya kwana da ita. Ɗauki ribar da ake sa rai ka cire kasada sau biyu, ka samu hoton mummunar shekara, irin wadda a lissafi take zuwa kamar sau ɗaya a shekara arba'in. Ga malamar nan, 8 a cire 12, asarar 4% ke nan, naira 40,000. Da ta zuba duka a T, 11 a cire 24, asarar 13%, naira 130,000. Ta dubi lambobin biyu ta ga wacce ba za ta sa ta sayar da komai cikin firgici ba. Sai dai a ƙara wa lissafin rata, don kasuwannin gaske suna kawo munanan shekaru fiye da yadda ƙa'idar ke zato.

Mataki na shida: dama da T, inda zanen ke yaudara

A littafi layin yana wuce T ya ci gaba a miƙe. Wani matashin ɗan kasuwa mai miliyan ɗaya da ya yarda da kasada 20 yana da hanya biyu. Ko ya sayi hannun jari zalla ya sa ran 14%, ko ya bi layin. Ashirin a raba da 12 ya ba da 1.67, wato ya ranto naira 670,000 ya zuba 1,670,000 a haɗin T. Layin ya ce 5 a tara da 10, wato 15%. Maki ɗaya ya ƙaru a kasada iri ɗaya.

Amma wannan lissafin ya ɗauka cewa a 5% zai ranto, farashin da gwamnati ke rance. Babu bankin da zai ba shi haka. A ce 7% aka ba shi, wanda ma sassauci ne. Ribar haɗin a kan 1,670,000 ta kai kusan 18.4% na jarinsa, kuɗin ruwan bashin ya cinye kusan 4.7, saura 13.7%. Ya faɗo ƙasa da 14 ɗin da zai samu ba tare da ya ci bashin kowa ba. In 9% ne kuɗin ruwan, 12.3% zai tsira da shi.

Saboda haka zanen gaskiya gaɓa uku gare shi. Daga 5 zuwa T miƙaƙƙe ne. Daga nan sai ka sake dasa rula a kan 7, farashin bashi, ka nemi sabon ɗigon shafa. A misalinmu yana wajen kashi 85 na hannun jari, riba 13.1, kasada 17.3. Tsakanin T da wannan ɗigon, tsohuwar lanƙwasar ce hanya: ba rance, ba takardar baitulmali, sai dai ƙara kason hannun jari. Bayansa ne layi na biyu ke farawa, hawansa 0.35 kacal. Wanda ba ya cin bashi sam, layinsa a T ya ƙare, sauran tafiyar a kan lanƙwasa ce har zuwa hannun jari zalla. Duk zanen da aka nuna maka layi ya zarce sama a miƙe, tambayi mai shi a nawa ya ɗauka za a ranto.

Idan ribar takardar baitulmali ta motsa

Iyakar ba ta san da takardar ba, don haka ba ta gusawa. Yatsanka ne ke gusawa a kan layin tsaye, T kuma ya bi shi. Idan ribar ta hau daga 5 zuwa 7, T ya koma kashi 85 na hannun jari kamar yadda muka gani, don takardun lamuni masu 8% sun kusa rasa amfaninsu. Idan ta sauka zuwa 3, T ya dawo wajen kashi 37.

Akwai wata alama da ya kamata ka sani. Idan ribar takardar ta kai ko ta wuce ribar haɗi mafi ƙarancin kasada, 8.9 a nan, ƙa'idar da muka rubuta za ta fara ba da shirme. Sa 9 ka gani: ƙasan lissafin ya koma ƙasa da sifili, amsar ta fito -9, ma'ana rular ta shafi reshen ƙasa na lanƙwasar, wanda ba ya cikin iyaka. Ba Excel ne ya lalace ba. Yawanci abin da ya faru shi ne an haɗa ribar takarda ta yau da matsakaicin ribar hannun jari na shekarun baya, lokacin da kuɗin ruwa ke ƙasa. Wannan kuskure yana da sauƙin aukuwa a ƙasar da ribar takardun gwamnati ke tsalle daga shekara zuwa shekara. Maganinsa a yi aiki da rarar riba: a kowace shekara ta baya ka cire ribar takardar wannan shekarar, sannan ka ɗauki matsakaici.

Wanda ke guje wa kuɗin ruwa saboda addini, zanen bai kore shi ba. A ce sukuk ne, wato takardun jari marasa kuɗin ruwa, a gurbin takardun lamuni, da alƙaluma iri ɗaya, kuɗin da ya ajiye kuma ba sa haihuwar komai. Yatsansa a kan sifili zai zauna. T ɗinsa ya koma kashi 29 na hannun jari, riba 9.7, kasada 10, hawan layin 0.97. Kada wannan babbar lamba ta ruɗe ka. A kasada 6 layinsa na ba da 5.8%, na malamar can 8%. Hawan ya fi tsanani ne don ya taso daga ƙasa, shi ya sa ba a kwatanta ma'aunin Sharpe biyu sai masominsu ɗaya ne. Sukuk ɗin gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017 kuma ba zai zauna a kan layin tsaye ba, domin wa'adinsa shekaru ne, farashinsa na hawa da sauka kafin ya cika. Wurinsa cikin kadarori masu kasada ne.

Marar kasada ga wa?

Ɗigon da ke kan layin tsaye yana da sharuɗɗa. Na farko, wa'adi. In shekara guda kake lissafi, takardar kwana 364 ce ta dace. Mai kwana 91 sai ka sake saye sau uku a farashin da ba ka sani ba. Na biyu, kuɗin da kake kashewa. Takardar baitulmalin Amurka marar kasada ce ga mai cin abinci da dala. Ga mai lissafi da naira, darajarta na bin canji, kuma wanda ya ga yadda naira ta faɗi bayan an sake ta a watan Yunin 2023 ya san wannan ba ƙaramin motsi ba ne. Na uku, tsadar kaya. Takardar ta yi alkawarin adadin naira ne, ba buhun shinkafa ba. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura 30%, ribar takardun baitulmali kuma ba ta kai haka ba, don haka mai riƙe da su ya karɓi kuɗinsa cif amma abin da za su saya ya ragu. Kuma gwamnati ma tana iya gazawa: a ƙarshen 2022 Ghana ta sanar da sauya sharuɗɗan takardun lamuninta na cikin gida, ko da yake ta tsame takardun baitulmali daga shirin.

Yadda za ka gane T ɗin da bai cancanci amana ba

Lissafin daidai yake, abin da ake zuba masa ne ke da rauni, musamman ribar da ake sa rai. Gwada da kanka. Mayar da ribar takardun lamuni 7 maimakon 8, maki ɗaya kacal: T ya tashi daga kashi 48 zuwa 65. Mayar da ta hannun jari 12 maimakon 14: ya sauko 39. Kuma kuskuren maki ɗaya ko biyu ba komai ba ne a wannan fagen. Kadara mai kasada 20, ko ka tara alƙaluman shekara 25, matsakaicin ribarta yana iya kaucewa gaskiya da maki 4, wato 20 a raba da 5, lambar da in an ninka ta da kanta take ba da 25. Ita kasadar da adadin tafiya tare sun fi saurin aunuwa, sai dai na biyun yana da mugun hali: a lokacin rikici kadarori sukan faɗi tare, kamar yadda hannun jari da takardun lamuni suka yi a Amurka a 2022. Idan adadin tafiya tare ya hau, lanƙwasar ta miƙe, layin ya kwanta.

Da kadarori da yawa alamun suna fitowa ƙarara. `Solver` zai jibge kashi 80 ko 90 a kadara ɗaya da ta yi sa'a a shekarun baya, ko ya ba da kaso ƙasa da sifili, ko ya juye gaba ɗaya don ka ƙara alƙaluman wata uku. In ka ga haka, hana shi kaso ƙasa da sifili, sa wa kowace kadara rufi, ka kuma matso da ribobin da ka zata kusa da juna. Abin da ke kwantar da hankali yana cikin jadawalinmu: daga kashi 40 zuwa 60 ma'aunin Sharpe bai sauka ƙasa da 0.49 ba. Ƙololuwar shimfiɗaɗɗiya ce, don haka jayayya a kan 48 ko 52 ɓata lokaci ne. Ni a ganina gara mutum ya ƙarar da tunaninsa a kan rabon da ke tsakanin T da takardar baitulmali, don shi ke yanke girman asara.

Wani abin ruɗani kuma: za ka ga irin wannan layin da sunan `CML`. Shi ne layin rabon jari a yanayi na musamman, inda aka ɗauka kowa ya yarda da alƙaluma ɗaya, har T ya zama kasuwar gaba ɗayanta. Akwai kuma `SML`, wanda ya yi kama da su a ido amma ba danginsu ba ne. Dubi layin kwance: in `beta` aka rubuta, ba zanenmu ba ne. A namu zanen, kadara tilo kusan kullum a ƙasan layi take zama, kuma wannan ba ya nuna ta yi tsada ko ba ta da kyau. Hannun jarinmu mai 0.45 da takardunmu masu 0.30 duk suna ƙasa, amma su biyun ne suka haifi 0.50.

Bayan shekara: komawa kan ɗigo

Kasuwa za ta ture ka daga wurin da ka tsaya. A ce shekarar malamar ba ta yi kyau ba: takardar baitulmali ta zama 525,000, hannun jari ya faɗi da 20% ya koma 200,000, takardun lamuni suka hau da 4% suka kai 260,000. Jimla 985,000. Yanzu abu biyu sun goce. Kason da ke cikin kasada ya ragu zuwa kashi 47, kuma a cikinsa hannun jari ya koma kashi 43, wato ta zame ƙasa da T ɗin da ta zaɓa. Kafin ta taɓa komai, ta duba sabuwar ribar takardar baitulmali, don in ta canja sosai T ma ya canja. In tana nan a 5, sabon rabon shi ne 492,500 a takardar, 246,250 a kowane ɗayan biyun. Wato ta cire 32,500 daga takardar baitulmali da 13,750 daga takardun lamuni, ta sayi hannun jari na 46,250. In kuɗin dillali da haraji za su ci wani abin kirki daga ciki, tana iya barin ƙaramar gocewa irin wannan, ta gyara da sabon kuɗin da za ta ƙara a watanni masu zuwa.